Kujerar yarinya ta kife a hanyar Makka alhali na ɗaure ta, a ina na yi kuskure?

Malam Sani, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar mun kama hanyar Makka ni da iyali. Dab da Shumaisi motoci suka tsaya cak a gabana, na taka birki da ƙarfi, ina jin gudun bai wuce sittin ba. Alhamdu lillahi ban daki kowa ba. Amma kujerar Ilham, 'yar wata goma sha ɗaya, ta tuntsuro gaba da ita a ciki, bakinta ya bugi bayan kujerata, leɓenta ya fashe. Kujerar nan ni na ɗaure ta da hannuna da bel ɗin mota. A haraj, kasuwar kayan hannu, na saye ta wata biyu da suka wuce bayan an rubuta min mukalafa, wato tarar saɓa dokar hanya. Mubarak ɗan shekara shida yana gefenta sanye da bel, shi kuma yau da safe uwarsa ta ga jan shaida a cikinsa. Zainab mai shekara tara tana gaba kusa da ni, ba abin da ya same ta. Daren jiya ban runtsa ba. Wanda ya san yadda ake ɗaura abin nan ya taimaka min, don ranar Alhamis mai zuwa muna da tafiya Madina.

Auwalu ɗalibi, Madina:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba Malam. In maganar mukalafar ce, ka shiga manhajar gwamnati ta Abshir ka shigar da ƙorafi, kwana talatin suke bayarwa daga ranar da aka rubuta. Tunda kana da kujerar ai kana da hujja.

Maman Khalid, Makka:
Auwalu, ba tara yake tambaya ba, kuma ya ce wata biyu ke nan. Malam Sani, kafin a shiga zancen kujera, Mubarak nake ji. Aikin jinya nake yi, kuma jan layi a cikin yaro bayan birki ko haɗari ba ma raina shi. A ina shaidar take, a kan ƙashin ƙugu ko a saitin cibiya? Yana cin abinci? Ya yi amai? In ka danna cikin a hankali yana ƙanƙame jiki? Bel in ya hau kan tumbi yakan matse hanji, kuma wani lokacin ciwon ba ya nuna kansa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ka kai shi a duba yau, kada ka jira. Ilham ma a duba bakinta da haƙoranta, a kuma lura ko tana yawan barci fiye da yadda ta saba.

Malam Sani, Jidda:
Hajiya, a saman cibiya take. Ya karya kumallo lafiya, bai yi amai ba, amma zan kai su bayan azahar insha Allahu. Gaskiya shi kullum a ƙarƙashin hammata yake sa na kafaɗar, wai yana yankar masa wuya.

Alhaji Ado direba, Riyad:
Sani, shekarata ashirin da biyu ina tuƙa iyalin mutane a ƙasar nan. Kuskurenka na farko shi ne yarinyar da ka sa a gaba. Dokar Murur, hukumar kula da hanya, ta hana yaron da bai kai shekara goma ba zama a gaba, sai in motar ba ta da kujerar baya, irin wanet, wato a-kori-kura, mai gida ɗaya. Tarar daga riyal 300 zuwa 500, haka ma rashin kujerar yara. Rashin bel kuma 150 zuwa 300. Tun 2018 kyamara ke kama bel da waya, ba sai askari ya tsayar da kai ba. Amma na baya ba ruwansu da bel, ban taɓa ganin an rubuta wa wani saboda na baya ba. Ita kuwa jaririya, in da tana hannun uwarta da duk wannan bai faru ba. 'Ya'yana takwas duk a cinya suka yi tafiya.

Usman Makanike, Jidda:
Baba Ado, maganar Zainab da kuɗin tara duk haka suke. Amma wurare biyu zan saɓa maka, da girmamawa. Dokar cewa ta yi direba da fasinjojinsa su ɗaura bel, ba ta ware na baya ba. Kyamara ce dai ta gilashin gaba take leƙowa, shi ya sa na baya ke tsira daga tara. Mu da ake jawo mana motocin da suka yi karo muna ganin kujerar direba ta lanƙwashe ta yi gaba, kuma ba ƙarfe ne ya lanƙwasa ta ba, mutumin da ke bayanta ne.

Batun cinya kuwa, birki kawai Malam Sani ya taka, shi ya sa ake ganin hannu zai iya. In karo ne a gudun kilomita hamsin, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, wato bene hawa uku. A wannan ƙiftawar ido nauyin jiki kan ninka sau ashirin ko talatin. Yarinya mai kilo goma ta koma kilo ɗari biyu ko uku, buhun shinkafa babba huɗu zuwa shida a lokaci guda. Babu uwar da za ta riƙe wannan. In kuma ita uwar ba ta da bel, jikinta ne zai danne yarinyar.

Malam Sani, ka juya kujerar, a ƙasanta ko bayanta akwai takarda ruwan lemo a manne. Ka rubuto min abin da ke jiki. Sannan ka faɗa min ina fuskar yarinyar ke kallo, da ta inda ka bi da bel ɗin.

Malam Sani, Jidda:
Na sauko da ita yanzu. An rubuta ECE R44/04, ƙasa kuma 0-18 kg, da harafin E cikin da'ira. Gaba take kallo kamar kowa. Bel ɗin na zura shi ta wata kafa a bayan kujerar na fito da shi ɗaya gefen na danna. Akwai wani jan roba a kafaɗar kujerar mai buɗewa kamar baki, ban san aikinsa ba, ban taɓa shi ba. Ilham kilo tara da rabi aka auna ta a rigakafin da ya wuce.

Usman Makanike, Jidda:
To ga inda gizo ke saƙa, wannan jan robar da ba ka taɓa ba. Bel ɗin mota an yi shi ne ya riƙa sakuwa in an ja shi a hankali, don babba ya iya sunkuyawa. Sai an fizge shi ko mota ta yi birki mai tsanani yake cijewa. Kai ka zura ka danna, ka ga kamar ya kama. Amma duk kwana da ka sha, duk tudun rage gudu da ka hau, kujerar na ɗan motsawa tana jawo bel kaɗan-kaɗan, na cinyar yana yin sako-sako. Wata biyu ana haka. Ranar da ka taka birki bel ɗin ya cije, amma ya cije ne a kan sakin da ya riga ya taru, sai kujerar ta tafi iya tsawon sakin ta kife. Jan robar nan maƙalli ne. Ana jan bel ya yi tsam, a sa na kafaɗar a bakinsa a rufe, shi ke hana shi komawa.

Amma kada ka gyara ta a haka, domin tun farko bai kamata ta kalli gaba ba. Irin wannan kujera mai 0 zuwa 18 fuska biyu gare ta. Tana kallon baya har yaro ya kai kilo 13, kallon gaba kuma daga kilo 9 zuwa 18. Ka duba gefenta za ka ga zane biyu. Inda aka yi alama da shuɗi hanyar bel ce in tana kallon baya, inda aka yi da ja kuma ta kallon gaba.

Alhaji Ado direba, Riyad:
To Usman ai ka faɗa da bakinka, daga kilo 9. Yarinya tana da tara da rabi. Masu kujerar sun yarda ta kalli gaba, me ya sa za a juya ta tana kallon bango kamar wadda aka yi wa horo? Kuma ƙafafunta ina za ta sa su?

Usman Makanike, Jidda:
Sun yarda, Baba, amma wannan tsohon ma'auni ne, kuma kilo 9 shi ne mafi ƙanƙantar abin da suka halatta. Sabon ma'aunin da ya zo bayansa, wanda za ka ga an rubuta R129 ko i-Size, ya hana a juya yaro gaba kafin wata goma sha biyar, ko nawa ne nauyinsa. Dalilin wuya ne. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, ƙashin wuyan kuma bai gama ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, igiyoyi sun riƙe ƙirji, kai kuma ya tafi shi kaɗai, wuya ne zai ɗauki nauyin duka. In yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya tare suke nutsewa cikin kujerar, kamar yadda kake tallabe ƙeyar jariri da tafin hannu. Ƙafa kuwa naɗe ta suke yi, yaro ko a tabarma haka yake zama. Abin da ake dubawa shi ne kai: in saman kanta ya kusa kai bakin kujerar, ko ta wuce kilo 13, to ta fi ƙarfin zaman a wannan kujerar.

Malam Sani, ga yadda za ka yi. Ka kwantar da kujerar zuwa matakin da zanen shuɗi ya nuna, yawanci na ƙarshe ne. Ka bi da bel ta shuɗayen alamomin kaɗai, ka tabbata bai murɗe ba ko sau ɗaya. Ka danna shi, sannan ka ɗora nauyinka a kan kujerar da hannu ɗaya, ka ja na kafaɗar da ɗayan har na cinyar ya yi tauri kamar tsirkiya. Kana riƙe da shi a haka za ka rufe maƙallin da ke wannan hanyar, in akwai. Daga nan ka kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, ka girgiza ta hagu da dama, gaba da baya. Kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, kamar faɗin babban yatsanka. A wajen bel ɗin ake gwadawa. Can saman kujerar dole ya ɗan yi motsi, wannan ba laifi ba ne.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: kujera mai kallon baya a kujerar gaba alhali jakar iska tana kunne. Jakar daga dashbod take fashewa daidai ƙeyar yaron. Ka sauke abin tare rana na gefen fasinja, za ka ga zanen gargaɗin a jiki.

Maman Khalid, Makka:
Na ƙara da abin da na fi gani wajen mata 'yan uwana, har da ni kafin a nuna min. Kujera ta ɗauru daram, amma yaron a cikinta yana yawo, saboda tausayi muke sassauta igiyoyin. Bayan kin danna makullin, ki ja igiyar da ke tsakanin ƙafafunsa har ta kwanta a jiki, sannan ki gwada tsunkular igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu. In kin iya kama ninki, da saura. In yatsunki suka zame, ta yi. Kuma in yana kallon baya, ramin da igiyar ke fitowa ya zama daidai kafaɗa ko ɗan ƙasa da ita, ba sama ba.

Sai zani da tawul. Mukan naɗe jariri tsaf sannan mu sa shi mu ɗaure a kan naɗin. Wannan kaurin banza ne, in aka yi karo zai lotse yaron ya sulluɓe. A fara ɗaure shi da 'yar rigarsa, a lulluɓa zanin daga sama.

Umma Rabi, Jidda:
Ni dai tambayata zafi. Na gwada juya nawa baya a watan Yuli, kafin mu kai Balad ya jiƙe sharkaf yana ta tsala ihu, don sanyin mota ba ya kai masa. Ranar nan kuma ƙarfen makullin ya ƙona masa cinya, har yanzu da tabon. Na mayar da shi gaba. Ba taurin kai ba ne, na rasa yadda zan yi ne.

Maman Khalid, Makka:
Umma Rabi, sannu, na san wannan. Abin da nake yi, in za mu fita daga mota sai in rufe kujerar da farin tawul, in mun dawo in cire in taɓa ƙarfen da bayan hannuna kafin in sa yaro. Maigida ya kunna sanyi minti biyar kafin mu shiga, a ɗaga bakin iskar tsakiya ya kalli rufi, sai ta bi sama ta sauko baya. Ba zan ce yana daina gumi gaba ɗaya ba. Wata nawa yake yanzu?

Umma Rabi, Jidda:
Sha uku. Zan sake gwadawa da daddare tukuna in gani.

Malam Sani, Jidda:
Mun dawo daga asibiti. Likita ya danna cikin Mubarak, an yi hoto, ya ce ba komai a ciki amma mu sa ido kwana biyu. Na gode Hajiya. Usman, na yi yadda ka ce, kujerar ta kama kamar an kafe ta da ƙusa. Sai dai da na cire rigarta don in matsar da igiyoyin ƙasa, na ga farin soson da ke wajen kai ya tsage gida biyu, an liƙe shi da salatif. A ƙasan robar kuma akwai wani zagaye kamar agogo, kibiya tana nuna 15.

Usman Makanike, Jidda:
Wannan agogon shekarar da aka zuba robar ce, 2015 ke nan. Malam, kada ka ƙara sa ta. Farin soson nan shi ke shanye bugu a wajen kai, kuma sau ɗaya yake aiki. Tsagewarsa na nufin ko dai ta taɓa shiga haɗari, ko an yar da ita da ƙarfi, kuma wanda ya sayar maka wataƙila shi ma bai sani ba. Masu ƙera su kan ba su shekara shida zuwa goma, a kuma ƙara da ranar Jidda da ke gasa roba a cikin mota. Ka yanke igiyoyinta kafin ka jefar, don kada wani ya tsinta ya mayar da ita kasuwa.

Kafin ka sayi sabuwa, ka cusa hannu a tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya, ta gefen ƙofa. In ka ji ƙarfe biyu masu kamar ƙaramin hannun akwati, ko ka ga alama an rubuta ISOFIX, to ka nemi kujera mai shi. Ita turawa ake yi ta ce ƙas, alamar ta koma kore a gefe biyu, babu jan bel. Amma tana da abu na uku da mutane ke mantawa: ko dai ƙafa da ke sauka ta dafe ƙasan mota, ko igiya daga samanta da ake maƙalawa a ƙugiyar da ke bayan kujera, mai zanen anka. Sau da yawa nakan ga igiyar nan a naɗe cikin ledarta, ba a taɓa kwance ta ba. Wasu kuma su maƙala ta a zoben ɗaure kaya na but, wanda ba don wannan aka yi shi ba.

Auwalu ɗalibi, Madina:
Afuwan da na karkata ɗazu. To shi Mubarak fa? Na ɗauka ɗan shekara shida ya wuce kujera. Kuma akwai wani ɗan ƙarfe da ake sayarwa da ke sauko da bel daga wuyan yaro, ba zai wadatar ba?

Usman Makanike, Jidda:
Auwalu, ba da shekara ake aunawa ba, da tsayi ne. Bel ɗin mota an yanka shi ne don jikin babba, sai yaro ya kai wajen santimita 145 yake zauna masa daidai. Ɗan ƙarfen da kake faɗa yana sauko da na kafaɗa ne ta hanyar jawo na cinya sama, wato kan tumbi, daidai inda Hajiya ke tsoro. Abin da Mubarak ke buƙata kujerar ɗagawa ce, wadda ake ce wa busta, gara mai majingina. Tana ɗaga shi, ƙahonninta biyu su danne na cinyar a kan ƙashin ƙugu, na saman kuma ya bi tsakiyar kafaɗa. Da zarar ya daina yankar wuya, da kansa zai daina tura shi hammata. Sharaɗinta ɗaya, sai da bel mai kafaɗa. In na tsakiyar motar Malam Sani na cinya ne kaɗai, kada a sa busta a wurin.

Malam Sani, Zainab ma ka gwada ta. Ta zauna bayanta manne da majingina. In gwiwarta ta lanƙwasa a bakin kujera ba tare da ta zamo gaba ba, na cinya ya kwanta a saman cinyoyi, na sama bai taɓa wuya ba, to ta isa. In ɗaya ya kuskure, ita ma busta.

Malam Sani, Jidda:
Na auna su a jikin ƙofa. Mubarak 114, Zainab 131. Na tsakiyar mai kafaɗa ne, kuma na ji ƙarafunan nan biyu. To amma ga matsala. Corolla ce. In Zainab ta koma baya, uwarsu ta dawo gaba, kujera uku za su jeru a baya? Kuma wa zai kula da Ilham in ta fara kuka a hanyar Madina, kilomita fiye da ɗari huɗu? Sannan wata mai zuwa Inna za ta zo Umara, mu shida ke nan.

Alhaji Ado direba, Riyad:
Ka ga abin da nake faɗa. Masu wannan tsari 'ya'ya biyu suke haifa. Mu da muke da iyali, ko dai ka sayi babbar mota irin Jims ko wani ya hau cinya. Ni na yarda da maganar wuyan jariri, Usman ya gamsar da ni a nan, zan ma faɗa wa uwar ɗakina don nata a gaba take sa shi. Amma mutum shida a Corolla, a faɗa min yadda za a yi.

Usman Makanike, Jidda:
Baba, shida a mota mai bel biyar ba ni da dabararsa, kuma ba zan ce a haɗa yara biyu a bel ɗaya ba, don kawunansu ne za su gwaru. Ukun kuwa wani lokaci suna shiga, wani lokaci ba sa shiga, ya danganta da faɗin kujerun. Malam Sani, kada ka biya kuɗi sai mai shago ya yarda an fito da su an gwada a motarka. Ilham a gefe ɗaya kan ISOFIX, Mubarak a ɗaya gefen, Zainab a tsakiya da busta marar majingina, siririya. Abin da za ka duba shi ne ko hannu na iya shiga tsakani ya danna makullin kowa, kuma kada wajen cusa hannu a buɗe na wani ba a sani ba.

Maman Khalid, Makka:
Kukan kuma a tsaya a gidan mai. Ko ba ta yi kuka ba, jaririya ba a son ta wuce kamar awa biyu a kujerar ba a fito da ita ta miƙe ba. Abin da nake roƙon Maman Zainab shi ne kada ta ciro ta don ta ba ta nono mota na tafiya, nan ne yawancinmu muke karya dokar da kanmu.

Auwalu ɗalibi, Madina:
Malam, in Inna ta zo, me zai hana ita da Zainab su biyo jirgin ƙasa na Haramain daga Jidda? Ni zan tarbe su a tasha in kai su masauki kafin ku iso.

Malam Sani, Jidda:
Allah ya saka da alheri Auwalu, sai na ji ta bakin Inna, don ba ta son rabuwa da jikokinta ko na awa ɗaya. Usman, gobe bayan isha'i zan je duba kujerun. In na biyo ta garejinka da su a ɗaure, za ka girgiza min ka gani?

Usman Makanike, Jidda:
Ka zo da yaran duka ukun, don sai suna zaune a ciki zan ga inda bel ya kwanta. Ina nan har sha ɗaya.